Darasi na Tara: Mita Ta Ce 11, Waya Kuwa Tana Zafi

Wani mai shago yana da kwamfutoci da injin ɗab'i a gaba, a baya kuma akwai allon cajin wayoyi mai ramuka da yawa. Kullum da rana ta take, sai birekar shagon ta faɗi. A jikinta an rubuta 16, wato amfiya 16 take ɗauka. Ya kira mai gyaran wuta, shi kuma ya zo da yaronsa.

Yaron ya buɗe bakin kilam mita, wato mitar da ke auna amfiya idan ta kama waya a bakinta, ya kama wayar layif, ya duba.

"Oga, amfiya 11 ce kawai. Birekar ce ta mutu, a sa mai 32."

Ogan ya taɓa bayan wayar da hannu, ya ji ta da ɗumi sosai. Ya ce, "Wayar da ke ɗauke da 11 ba ta yin wannan zafin. Ɗauko ɗaya mitar a jaka."

Mita ta biyu an rubuta True RMS a fuskarta. Da aka kama waya ɗaya da ita, sai ta nuna 20. Babu wadda ta lalace a cikin mitocin nan biyu. To me ya raba su?

Yadda wuta take tafiya a waya

Wutar da ke zuwa gidajenmu ba ta gudu gefe ɗaya kamar ruwa a famfo. Kai da komowa take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa. A kowane zuwa tana tashi daga sifiri, ta hau a hankali har ƙololuwa, ta sauko, sannan ta juya. Idan dutsen guga ko hitar ruwa ko tsohon ƙwan fitila mai zare ne a kan layin, haka amfiyar take hawa da sauka sumul, kamar lilo.

Tunda kullum tana canzawa, wace lamba za a kira sunanta da ita? Masana sun zaɓi lambar da ke faɗin zafi. Idan aka ce amfiya 10 RMS, ana nufin za ta ɗumama waya daidai da yadda amfiya 10 ta batir, wadda ba ta hawa ba ta sauka, za ta ɗumama ta. Wannan lambar ce waya da fis da bireka suke ji a jikinsu, kuma ita aka rubuta a kan fis da bireka.

Mita mai araha, irin wadda yaron ya fara aunawa da ita, ba ta lissafa wannan lambar kai tsaye. Dabara take yi. Tana auna matsakaicin abin da ya wuce, sai ta ninka shi da 1.11. An zaɓi 1.11 ne domin a wuta mai tafiya sumul, lambar zafi ta fi matsakaici da daidai wannan. Muddin lodin dutsen guga ne, amsarta daidai ce. Matsalar ita ce mitar ba ta da idon ganin siffar wutar. Ko yaya siffar ta kasance, 1.11 ɗin nan za ta yi amfani da shi.

Kayan da ke kwankwaɗar wuta

Cajar waya, kwamfuta, talabijin na zamani da yawancin ƙananan fitilun LED ba sa shan wuta a hankali. A cikinsu akwai kafasita, wadda take kamar ƙaramar randa. Ba ta karɓar wuta sai lokacin da ƙarfin layin ya kusa ƙololuwa ya fi wanda ke cikinta. Sai ta kwankwaɗa da sauri, ta tsaya, ta jira zagaye na gaba. Saboda haka amfiyar ba ta zama lilo ba, ta zama tsini-tsini: shiru, tsalle, shiru, tsalle.

Mu sauƙaƙa lissafin shagon nan. A ce an raba lokaci kashi huɗu. A kashi ɗaya kayan suna jan amfiya 40, a sauran kashi uku ba sa jan komai.

Mita mai araha za ta ce: 40 a raba huɗu, 10 ke nan. A ninka da 1.11, ya zama 11.1. Abin da yaron ya gani ke nan.

Amma zafi ba ya bin amfiya kai tsaye. Yana bin amfiya sau kanta. Idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Don haka mitar True RMS ta wata hanya take bi: 40 sau 40, 1600. A raba huɗu, 400. Sai a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 400. Ita ce 20.

```
matsakaici: (40 ÷ 4) × 1.11 = 11.1
RMS:        √(40 × 40 ÷ 4)  = 20
```

Dubi girman kuskuren ta fuskar zafi. 11 sau 11 ya ba da 121, 20 sau 20 kuwa 400. Zafin da ke cikin wayar ya fi ninki uku na abin da mita ta farko ta sa mu zata. Birekar tana da gaskiya. Amfiya 20 a kan bireka mai 16 ba ta kayar da ita nan take, sai ta ɗauki lokaci tana ɗumama, kuma zafin rana yana gaggauta abin. Shi ya sa take faɗuwa da tsakar rana. Da an bi shawarar yaron an sa mai 32, birekar za ta yi shiru, wayar ta ci gaba da dahuwa a cikin bango. Gyaran da ya dace shi ne a raba lodin gida biyu, kowane da wayarsa da birekarsa.

Lodin gaske ba ya yanke tsaf kamar misalinmu, amma a layin da kusan duk kayansa irin waɗannan ne, mita mai araha tana iya rage kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Ba kullum take ragewa ba kuma. A wuta mai siffar akwati, wadda ke tsalle daga sama zuwa ƙasa ba gangara, ƙari take yi na kashi 11 cikin ɗari. Shi ya sa ba za ka iya cewa "bari in ƙara mata kaza" ka huta ba.

Ninkin ƙololuwa

Akwai lamba ɗaya da ke faɗa mana yadda wuta ta yi tsini. A takardar mita za ka ga an rubuta Crest Factor ko CF. Mu kira ta ninkin ƙololuwa. Ana samun ta idan aka raba ƙololuwa da lambar zafi. A shagon nan 40 a raba 20, ya ba da 2. A wuta mai tafiya sumul 1.41 ne. Kayan lantarki masu kafasita sukan kai 2 zuwa 3.

Me ya sa ya shafe ka? Domin ita ma mitar True RMS tana da rufi. Idan tsinin ya wuce abin da cikinta zai iya ɗauka, sai ta aske kansa, ta ba ka lamba ƙasa da gaskiya, kuma sau da yawa ba za ta yi maka gargaɗi ba. A ce mitarka tana kan zangon amfiya 40, wato an saita ta ta auna har zuwa 40, takardarta kuma ta ce CF 2 a cikakken zango. Rufinta 80 ke nan. Lodin shagon nan mai ƙololuwa 40 ya shige lafiya. Amma lodin amfiya 35 mai ninkin ƙololuwa 3 yana kai wa 105, ya fasa rufin, alhali a fuskar mita 35 bai ko cika zangon ba. Idan ka ga karatu ya kusa ƙarshen zango a kan irin wannan lodi, matsa zuwa zango na gaba ka sake aunawa. In lambar ta ƙaru sosai, ta farkon an aske ta.

Kuskuren da mita ta amsa da bakinta

Ko wutar sumul take, babu mitar da ba ta da ɗan kuskure, kuma masu ƙera ta sun rubuta shi. Za ka ga abu kamar haka:

```
±(2% + 5)
```

Kashi 2 cikin ɗari na abin da ka karanta ne. Lamba 5 kuwa ta gurbin ƙarshe ce a fuskar mita. A zangon 400.0, gurbin ƙarshe 0.1 ne, don haka 5 tana nufin rabin amfiya. Idan ka karanta 20.0, kashi 2 ya ba da 0.4, a haɗa da 0.5, ya zama 0.9. Gaskiyar tana tsakanin 19.1 da 20.9. Ba laifi. Amma ka auna amfiya 1.0 a wannan zangon: rabin amfiyar nan tana nan daram, wato kuskuren zai iya kai rabin abin da kake aunawa. Babbar mita ba ta iya ƙaramin aiki. Idan wayar tana da tsawo, kashe wuta, ka naɗa ta sau 10 a cikin bakin mitar, ka kunna, ka raba abin da ka gani da 10.

Sauran kuskuren na hannunka ne. Bakin mita ya rufe ruf, domin ƙura ko tsatsa a leɓensa tana rage karatu, kuma lokacin hunturu ƙura ba ta da wuyar samu. Waya ta zauna a tsakiyar bakin. Waya ɗaya tak za ka kama. In ka haɗa layif da nutural, suna soke juna ka ga kusan sifiri. Yatsunka su tsaya bayan tudun kariya da ke jikin mitar. Mitar da ke auna wutar kai da komowa kaɗai ba ta karanta wayar batir ko ta farantin sola.

A gini mai layi uku, kada ka tafi ba ka auna nutural ba. An koya mana cewa idan layukan uku sun yi daidai, nutural ba ta ɗaukar komai. Wannan gaskiya ne ga hita da dutsen guga. Amma kayan da ke kwankwaɗa kowane layi lokacin tsallensa daban, don haka tsallen ba sa soke juna, sai su taru a nutural. Tana iya ɗaukar fiye da kowane layi, har kusan ninki 1.7, kuma yawanci ba ta da birekar da za ta kare ta.

Aikin aji

Malami zai kawo mita biyu, ɗaya mai True RMS, ɗaya marar shi, da igiyar wuta da aka ware wayoyinta ba tare da an fere robarsu ba. A fara jona dutsen guga, a jira fitilarsa ta kama, a auna da kowace mita, a rubuta. Ya kamata lambobin su yi kusa da juna. A cire shi, a jona kwamfutoci da cajoji da yawa, a sake aunawa. Idan amfiyar ta yi ƙanƙanta, a yi naɗi 10.

Sannan kowa ya lissafa wannan a littafinsa: kaya suna jan amfiya 30 a kashi ɗaya cikin tara na lokaci, sauran kashi takwas shiru. Nawa mita mai araha za ta nuna? Nawa ce lambar zafi? Nawa ne ninkin ƙololuwa? Idan birekar layin mai 6 ce, wace mita ce za ta sa ka zargi birekar a banza?