Kurakuran da aka fi yi a jadawalin ragin darajar kadara, da yadda ake kama su

Shekarar farko ta jadawalin ragin daraja ba ta cika ba da matsala ba, don kowa na iya ɗaukar kalkuleta ya duba ta. Ɓarnar takan ɓuya ne a shekara ta uku ko ta huɗu, lokacin da akawun da ya fara jadawalin ya riga ya bar aiki, wanda ya gaje shi kuma yana ɗorawa a kan abin da ya tarar. Don haka mai duba jadawali kada ya tsaya a layi guda. Ya bi yadda kowace shekara ta miƙa wa mai bi mata, kuma ya leƙa inda lissafin zai ƙare tun kafin ya isa can.

Mu ɗauki inji guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani kamfanin casar shinkafa ya sayi inji ranar 1 ga Janairu, 2021, a kan naira 11,000,000. Kuɗin dako da na kafa shi sun ci naira 1,000,000. An ƙiyasta zai yi aiki shekara 5, sannan a sayar da shi naira 2,000,000, wato ƙimarsa ta ƙarshe. Kamfanin yana rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba.

Farashin da aka fara da shi

Farashin injin a littafi naira 12,000,000 ne, ba 11,000,000 da ke kan rasit ba. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 16 ta ce duk abin da aka kashe kai tsaye don kawo kadara wurinta da saita ta har ta iya aiki yana cikin farashinta. Sau da yawa kuɗin dako yakan faɗa cikin kuɗaɗen yau da kullum saboda daban aka biya direba. Idan ka ga ana cire naira 1,800,000 duk shekara, to daga nan ne: an cire 2,000,000 daga 11,000,000, an raba gida 5.

Tsarin kashi daidai

A wannan tsari ana cire ƙimar ƙarshe daga farashi, a raba abin da ya saura a kan shekarun aiki. Naira 10,000,000 raba gida 5, ragin kowace shekara naira 2,000,000 ke nan. Darajar injin a littafi za ta sauko miliyan 10, 8, 6, 4, ta tsaya a miliyan 2 a ƙarshen 2025. Wanda ya manta da ƙimar ƙarshe zai riƙa cire 2,400,000, ya wayi gari da sifili. Gano wannan ba wuya: ninka ragin shekara da yawan shekaru, ka ƙara ƙimar ƙarshe, dole ka koma kan farashi.

Akwai kuma ragin da ba a tsayar ba. Injin da ya cika shekarunsa yana iya ci gaba da aiki lafiya lau, amma in ba a sake ƙiyasi ba, ragin ya ƙare. Duk layin da darajarsa ta yi ƙasa da ƙimar ƙarshe, ko ta koma ƙasa da sifili, wani ne ya kwafo lissafin zuwa layukan ƙasa bai duba ba.

Tsarin ragowa, inda aka fi tuntuɓe

A nan ana ɗaukar kaso guda ne a ɗora shi a kan darajar da ta rage a farkon kowace shekara. Da kashi 30 cikin 100, jadawalin injinmu zai kasance haka:

| Shekara | Daraja a farko | Ragi | Daraja a ƙarshe |
|---|---|---|---|
| 2021 | 12,000,000 | 3,600,000 | 8,400,000 |
| 2022 | 8,400,000 | 2,520,000 | 5,880,000 |
| 2023 | 5,880,000 | 1,764,000 | 4,116,000 |
| 2024 | 4,116,000 | 1,234,800 | 2,881,200 |
| 2025 | 2,881,200 | 864,360 | 2,016,840 |

Abin da za ka fara dubawa shi ne ko darajar ƙarshen kowace shekara ita ce ta farkon mai bi mata, kobo da kobo. Bayan haka ka raba ragin kowace shekara da na shekarar da ta gabace ta. Muddin kaso bai canza ba, kuma ba a ƙara ko fitar da wata kadara ba, amsa za ta riƙa fitowa 0.7, domin kashi 70 ne ke saura duk shekara. Raba 2,520,000 da 3,600,000 ka gani. Inda amsar ta kauce, nan za ka tona.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne aro ɗabi'ar tsarin kashi daidai, a fara cire ƙimar ƙarshe kafin a ɗora kaso. Sai ragin 2021 ya fito 3,000,000 maimakon 3,600,000. Abin haushin shi ne gwajin 0.7 ba ya kama wannan, don shekarun duka za su bi juna daidai wa daida. Ƙarshen jadawalin ne ke tona shi: injin zai tsaya a kan 3,680,700, nesa da miliyan 2 da aka ƙiyasta. Dalili kuwa, ƙimar ƙarshe ta riga ta shiga cikin kason tun wajen zaɓensa. An ɗauki kashi 30 ne saboda shi zai sauko da miliyan 12 zuwa kusan miliyan 2 a shekara 5, in aka sake cire ta an ƙirga ta sau biyu. Za ka iya tsallakawa ƙarshe kai tsaye da wannan a Excel:

```
=12000000*(1-30%)^5
```

Amsa 2,016,840 ce. Rarar naira 16,840 ba kuskure ba ce, ainihin kason ya ɗan haura 30 kaɗan, kuma akan daidaita irin wannan a shekarar ƙarshe.

Wani kuskuren yakan fito ne a shekara ta uku kawai. Maimakon a cire tarin ragin shekarun baya duka daga farashi, sai a cire na bara shi kaɗai. A 2022 ba za a gane ba, tunda ragin shekara guda ne a baya. A 2023 sai a cire 2,520,000 daga 12,000,000, a ɗauki kashi 30 na 9,480,000, ragi ya fito 2,844,000. Ya fi na 2022 ke nan, alhali a wannan tsari ragi sauka yake yi. Haka in ka ga 3,600,000 na maimaita kanta, an kulle ɗakin farashi da alamar `$` a Excel, kaso yana hawa kan farashin farko kullum, kuma kafin ƙarshen 2024 an cire fiye da kuɗin injin.

Tunda an zo kan Excel, a lura da bambancin `DB` da `DDB`, harafi ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba ne:

```
=DB(12000000,2000000,5,1)
=DDB(12000000,2000000,5,1)
```

Na farko yana fitar da kasonsa da kansa, ya taƙaita shi zuwa 0.301, ya ba da 3,612,000. Na biyu yana ninka kason tsarin kashi daidai ne sau biyu, wato kashi 20 ya koma 40, ya ba da 4,800,000. Babu wanda ya yi daidai da kashi 30 da kamfani ya rubuta a manufarsa. Ni dai na fi son a rubuta kason a ɗakinsa a fili, kowa ya gan shi.

Injin da aka saya a tsakiyar shekara

Da a ce ranar 1 ga Afrilu, 2021 injin ya zama a shirye don aiki, kuma kamfani yana lissafi wata-wata, wata 9 ne kawai za a ƙirga a 2021. A tsarin kashi daidai ragin zai zama 1,500,000, sai 2,000,000 daga 2022 zuwa 2025, sai cikon 500,000 a 2026. Wannan cikon na wata 3 shi ake yawan mantawa, ko kuma a cire na shekara cur.

A tsarin ragowa akwai abin da ke ruɗa mai dubawa. Ragin wata 9 naira 2,700,000 ne, saura 9,300,000, don haka ragin 2022 zai zama 2,790,000. Ya fi na 2021, kuma daidai ne. A irin wannan hali sai daga 2023 gwajin 0.7 zai fara aiki. Wasu kamfanonin kuma manufarsu ita ce a cire na shekara cur a shekarar saye, a bar shekarar sayarwa babu ragi. Karanta manufar kafin ka ja jan biro, abin da ake nema shi ne a bi ta a kan kowace kadara.

Idan an canza ƙiyasi

A ce a farkon 2023 injiniya ya duba ya ce injin zai ƙara shekara 4, ba 3 ba. Ba a komawa baya a gyara 2021 da 2022, domin IAS 8 ta ce canjin ƙiyasi daga lokacin da aka yi shi zuwa gaba yake aiki. A tsarin kashi daidai darajar littafi a ranar miliyan 8 ce, a cire miliyan 2, a raba miliyan 6 gida 4, ragi ya koma 1,500,000. Masu kuskure sukan raba miliyan 10 na asali gida 6, su samu 1,666,667, su ɗora daga 2023 kamar da haka aka faro. Bi shi zuwa ƙarshen 2026 za ka ga injin ya faɗo 1,333,332, ƙasa da ƙimarsa ta ƙarshe.

Wannan daban yake da kuskure na gaske, irin na manta kuɗin dako. Shi kam, in yana da girma, ana komawa a gyara alƙaluman shekarun baya. Kada a lulluɓe kuskure da sunan sabon ƙiyasi.

Ranar sayarwa

A ce an sayar da injin naira 5,000,000 a ƙarshen 2023, bisa jadawalin farko. A tsarin kashi daidai darajarsa miliyan 6 ce, an yi asarar 1,000,000. A tsarin ragowa darajarsa 4,116,000 ce, an ci ribar 884,000. Inji ɗaya, kuɗi ɗaya, nan asara can riba, kuma duka biyun daidai ne. Ga yadda za ka tabbatar: tarin ragi haɗe da asara, ko tarin ragi in an cire riba, dole ya yi daidai da farashi in an cire kuɗin sayarwa. Miliyan 6 da miliyan 1 sun ba da miliyan 7. Haka 7,884,000 in an cire 884,000 miliyan 7 ne.

Bayan sayarwa sai a fitar da abu biyu daga littafi, farashin injin da tarin raginsa. Inda ake haɗa injuna da yawa a layi guda, akan fitar da farashin a bar tarin ragin. Sakamakon haka darajar sauran injunan za ta yi ƙasa da gaskiya, kuma a tsarin ragowa raginsu na duk shekarun gaba zai fito da ƙaranci. Hanyar kama shi ita ce a tara alƙaluman rajistar kadarori ɗaya bayan ɗaya, a gwada jimillar farashi da jimillar tarin ragi da abin da ke cikin babban littafin asusu. In bambancin tarin ragin ya fito miliyan 6 cif, ko 7,884,000, na injin da aka sayar ne aka bari a ciki.