Naira biyun da ke hana rasit daidaita: kurakuran da aka fi yi

Wani Alhaji mai shagon kayan wuta a kasuwar Wunti, nan Bauchi, ya miƙo mini rasit ransa a ɓace. "Malam, duba min wannan. Mai saye ya danna kalkuleta ya ce mun ci masa naira biyu, yaron shago kuma ya rantse bai taɓa komai ba." Dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Kaya huɗu ne a takardar: soket na naira 1,260, makunni na 2,340, waya ta 3,420, sai kwan fitila na 980. Jimla 8,000 cif. A kansu akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, yadda yake a Najeriya tun watan Fabrairun 2020. Idan aka cire harajin layi-layi, soket zai ba da 94.50, makunni 175.50, waya 256.50, kwan fitila 73.50. Tunda babu mai karɓar kwabo a kasuwa yau, sai aka cike kowanne zuwa naira: 95, 176, 257, 74. Haɗa su, 602. Mai saye kuwa ya ɗauki 8,000 ɗin ne ya cire harajin sau ɗaya, ya samu 600. Kowane layi ya ƙaru da kwabo 50, layi huɗu suka tara naira biyu.

Kuskuren farko shi ne saurin zargi, kuma shi ya fi damuna, domin na ga an ci mutuncin yara a kan abin da ba laifinsu ba. Akwai ma'auni mai sauƙi. Idan ana cikewa zuwa naira, layi ɗaya ba zai kauce da fiye da kwabo 50 ba, ko sama ko ƙasa. To ƙirga layukan ka raba biyu: rasit mai layi 4 iyakarsa naira 2, mai layi 30 iyakarsa naira 15. Galibi ma ba ya kai haka, saboda wani layin yana hawa, wani yana sauka, suna cinye juna. Na Alhaji ya kai maƙura ne don duka huɗun sun faɗa kan kwabo 50. In bambancin ya wuce wannan iyaka, ba cikewar layi ba ce kaɗai, a koma a duba farashi da adadi.

Na biyu yana ɓoye a cikin Excel. Mutum zai danna maɓallin rage lambobin bayan ɗigo, ya ga 94.50 ta koma 95, ya ɗauka an cike. Ba a cike ba, riga kawai aka canza mata. A ciki tana nan 94.50, kuma da ita kwamfuta ke lissafi. Sai a buga takarda layuka suna nuna 95, 176, 257, 74, ƙasa kuma an rubuta 600, wanda duk ya haɗa da hannu ya samu 602. Gane wannan ba wuya: faɗaɗa lambobin bayan ɗigon, za ka ga kwabban suna nan. Gyaran shi ne a zaɓi hanya ɗaya. A ce kuɗin kayan huɗu suna B2 zuwa B5. Ko a cike kowane layi da gaske, wato a sa layin farko na ƙasan nan a C2 a ja shi har C5, sannan a haɗa:

```
=ROUND(B2*0.075,0)
=SUM(C2:C5)
```

ko a haɗa kayan tukuna, a cire harajin sau ɗaya a ƙasa:

```
=ROUND(SUM(B2:B5)*0.075,0)
```

Ni ta biyun na fi so, domin ita ce mai saye zai bi da kalkuletarsa. Amma in ka zaɓe ta, kada ka nuna harajin kowane layi a cike. Ko ka bar shi da kwabbansa, ko ka cire wannan gurbin gaba ɗaya.

Na uku shi ne mai cin kuɗi sosai: cike farashin guda ɗaya kafin a ninka. Soket da harajinsa 1,354.50 ne. In aka mai da shi 1,355 sannan ɗan kwangila ya ɗauki guda 200, za a rubuta 271,000, alhali 270,900 ne daidai. Naira 100 ke nan a layi ɗaya tak. A fara ninkawa, cikewa ta zo daga ƙarshe.

Akwai kuma masu rage farashin wani kaya a ɓoye don jimla ta zauna. Wannan yana ɓata littafin shago, kuma gobe mai saye zai ce ai haka aka sayar masa jiya. In dole sai an daidaita, a ƙara layi a ƙasa, a rubuta "gyaran kwabo", a sa ragin naira 2 a fili.

Alhaji ya sa aka sake buga rasit ɗin da harajin a ƙasa sau ɗaya, jimla 8,600, ya aiki yaron ya kai wa mai sayen.