Darasi na 7: Jinga ko Biyan Abin da Aka Kashe

A ce ƙungiyarku tana son benci 20, kun kira kafinta. Hanya ta farko ita ce jinga: ku yanke farashi tun kafin ya taɓa katako, misali naira 15,000 kowane benci, jimla naira 300,000. Idan katako ya yi tsada bayan kun sa hannu, asarar tasa ce, idan ya yi araha kuma ribar tasa ce. Saboda haka yakan ɗora wani abu a kan farashin don kare kansa, kuma wannan ba zalunci ba ne.

Jinga ba ta da amfani sai an rubuta abin da za a kawo. Ku rubuta tsawon benci, ƙafa 6 ne ko 8. Ku rubuta irin katakon da kaurinsa, da ranar da za a kawo. Kada ku ji kunya idan rubutunku bai yi kyau ba, in dai yana karantuwa ya wadatar. Ku fara rubuta kayan, sannan ku rubuta kuɗin. Na sha ganin ɗalibai sun rubuta "benci 20" kawai, aka kawo musu na katako marar kauri wanda ya lanƙwashe cikin wata guda, ba su da bakin magana domin takardar ba ta ambaci kauri ba. Kafintan da tsada ta matsa, ta wajen inganci yake rage asararsa. Wannan shi ne karo na uku da nake faɗa, amma har yanzu wasunku sai sun sa hannu suke tuna awo. A rubuta kayan tukuna!

Hanya ta biyu ta dace da aikin da ba a san iyakarsa ba, kamar haƙa rijiya, inda ba wanda ya san gaba nawa za a yi kafin a iske ruwa, ko za a ci karo da dutse. Idan kun tilasta jinga a nan, mai aikin zai tsawwala farashi ko ya gudu ya bar rami. Sai ku biya shi abin da ya kashe a kan siminti da leburori bisa rasit, da ladansa a kai. Yanzu haɗarin ya dawo kanku, don haka ku rubuta iyakar da ba zai wuce ba sai da izininku.

Ladan ya zama tsayayye, misali naira 50,000. Idan kun ce kashi 10 cikin 100, wanda ya kashe naira 400,000 zai sami 40,000, wanda ya kashe 600,000 zai sami 60,000, kun ga kun ba shi dalilin ɓarna.

Aikin gida: ku rubuta takardar jingar benci 20, da awo da irin katako.