Yadda ake faɗin inda abu yake a jikin mutum ba tare da kuskure ba

A ce an kawo wani mai babur asibiti ya faɗi. Yana kwance rub da ciki, ya miƙa hannunsa na hagu ya wuce kansa, jini na zuba daga wani yanka. Wanda ya kawo shi ya ce ciwon yana "saman gwiwar hannu". A yadda yake kwance, hakan na iya zama daidai, tunda ya ɗaga hannun. Amma da zarar ya tashi ya sauke hannun, ciwon ya koma ƙasan gwiwa. To wanne za a rubuta a kati? Wannan rikicin ne ya sa masu ilimin surar jiki suka tsayar da tsayuwa guda ɗaya, suka ce duk bayani da ita za a auna shi, ko mutum na kwance, ko na zaune, ko ya yi adungure.

Mataki na farko: yi tsayuwar da kanka

Kada ka haddace ta daga takarda. Tashi tsaye, fuska na kallon gaba, ƙafafu kusa da juna, yatsun ƙafa na duban gaba. Sauke hannuwa a gefe, sannan ka juya tafin hannu ya kalli gaba, babban yatsa ya nuna waje. Juya tafin nan shi ne abin da sababbin ɗalibai suka fi mantawa, don ba haka mutum ke tsayawa da kansa ba. Dalilinsa kuwa yana cikin ƙashi. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne, rediyos a ɓangaren babban yatsa, olna a ɓangaren ƙaramin yatsa. Idan tafi na kallon gaba, suna jere kamar sanduna biyu. Idan ka kife hannun, rediyos sai ya gitta kan olna. Riƙe tsakiyar wurin da ɗaya hannun ka juya, za ka ji motsin.

Dama da hagu kuma na mai jikin ne, ba naka ba. Idan kuna fuskantar juna, damarsa tana hagunka.

Mataki na biyu: koyi kalmomin bibbiyu

Yawancin kalmomin daga Latin suke, kuma kowace da kishiyarta. Ba sa tsayawa su kaɗai. Kullum ana kwatanta abu da wani abu ne. Sufiriya na nufin wajen kai, infiriya wajen ƙafa: zuciya sufiriya ce ga hanta, cibiya infiriya ce ga ƙirji. Antiriya gaba, fostiriya baya. Waɗannan huɗun ba su da wuya, mu wuce.

Midiyal da lataral sun fi buƙatar natsuwa. Zana layi a zuciyarka daga tsakiyar goshi, ya bi hanci, ya ratsa cibiya, ya sauka tsakanin ƙafafu. Abin da ya fi kusa da layin shi ne midiyal, wanda ya fi nisa lataral. Ido lataral ne ga hanci, amma midiyal ne ga kunne. Ga inda tsayuwar ta yi amfani: a hannu babban yatsa lataral ne, ƙaramin yatsa midiyal. A ƙafa kuwa babban yatsa shi ne midiyal. Wanda ya bar tafinsa na kallon baya zai juya lissafin hannu gaba ɗaya bai sani ba.

A hannu da ƙafa an fi amfani da furoksimal da distal. Furoksimal shi ne kusa da inda gaɓar ta manne da gangar jiki, wato kafaɗa ko kwankwaso. Distal shi ne can wajen yatsu. A ganina waɗannan biyun sun fi sauran sauƙin kai, domin ko ka ɗaga hannu ko ka sauke, gwiwa furoksimal ce ga wuyan hannu. Sai na ƙarshe, sufafishal da dif, wato kusa da fata da kuma can ciki. Haƙarƙari sufafishal ne ga huhu.

Mataki na uku: koma kan mai babur

Tsayar da shi a zuciyarka, a tsayuwar nan, kafin ka rubuta komai. Hannun hagunsa ne. Yankan yana tsakanin gwiwa da wuyan hannu, don haka distal ne ga gwiwa. Yana fuskar da tafi yake, wato antiriya, ko da yake a kwancen da yake tafin na kallon katifa. Yana ɓangaren babban yatsa, lataral ke nan. Ka auna da ma'auni ka samu tsawonsa santimita 4, kuma ya fara santimita 5 furoksimal ga lanƙwasar wuyan hannu. Likitan da aka karanta wa wannan ta waya zai iya ɗora yatsa a daidai wurin a nasa hannun. Zai kuma yi maza ya tambayi zurfin yankan, saboda ta nan babbar jijiyar jinin da ake jin bugun zuciya a wuyan hannu take wucewa. Da "saman gwiwa" aka ce masa, da tunaninsa ya tafi damtse.

Mataki na huɗu: yanka uku

Domin a ga cikin jiki, ana yanka shi, ko da wuƙa a ɗakin koyo ko da na'urar hoto. Yankan sajital yana raba jiki dama da hagu, kamar yadda mahauci ke tsaga sa ta ƙashin baya. Idan ya bi ta tsakiya cif, ana ce masa midiyan. Sunan sajital daga kalmar Latin ta kibiya ya fito. Yankan koronal yana raba gaba da baya: tsaya a tsakiyar ƙofa, fuska a tsakar gida, ƙeya a ɗaki, to ƙofar ita ce yankan. Na uku, taransbas, wanda masu hoto ke kira aksiyal, yana raba sama da ƙasa, kamar yadda mai rake ke sara shi gunduwa-gunduwa.

Gwada da dafaffen ƙwai biyu. Yanka ɗaya a tsaye, ɗaya a gicciye. Farin na farko zai fito dogo, na biyu kewayayye. Haka jijiya ko hanji suke: a gicciye zobe za ka gani, a tsaye kuma layi biyu. Shi ya sa ake fara tambayar wane yanka ne kafin a ce mene ne wannan.

Mataki na biyar: karanta hoton CT na ciki

CT na'ura ce da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka. Hoton aksiyal ana nuna shi ne kamar mara lafiya na kwance rigingine, kai kuma kana tsaye wajen ƙafafunsa kana kallon kansa. Saboda haka damarsa tana hagun allo. Fara neman harafin R, wato dama, ko L, wato hagu, a gefen hoton. Sannan nemi ƙashin baya, fari tas, a ƙasan allo. Nan ne fostiriya. A yankan saman ciki, babban abu mai ruwan toka da ya cika hagun allo hanta ce, domin tana dama. Saifa za ta bayyana a daman allo, wajen baya. Idan aka ɗan sauko, ƙoda biyu za su fito a gefen ƙashin baya.

Idan ka ga hanta a daman allo, kada ka yi saurin cewa kayan cikin mutumin a juye suke. Akan haifi mutane haka, amma ba kasafai ba. Sake duba harafin tukuna, ka tabbatar ba hoton aka kifa ba.