Gurbi a lissafin ciniki: daina cusa masa sifili

Wani abokina mai shagon kayan masarufi a wajen Taminus nan Jos ya turo min lissafinsa na sati a Excel, wai kasuwa ta faɗi. Ina buɗewa na ga Litinin 40,000, Talata 55,000, Laraba 0, Alhamis 45,000, Juma'a 60,000, Asabar 70,000. Na ce masa Alhaji ran Laraba rufe shago kuka yi? Ya ce ina, ai yaron shago ne ya manta bai rubuta ba, shi kuma da ya ga wajen fayau sai ya buga sifili don tebur ya yi kyau.

To wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Sifili yana nufin ko sisi ba a sayar ba, gurbi kuwa an sayar, ba mu dai san nawa ba ne. AVERAGE, dabarar Excel mai fitar da matsakaici, tsallake gurbi take yi amma tana ƙirga sifili, shi ya sa 270,000 ɗin da aka raba kwana 6 ta ba shi 45,000, alhali in aka raba kwana 5 da muke da su 54,000 ce. Dubu tara kenan ta ɓace a kowace rana, har mutum ya fara tunanin rage sari.

Kafin komai ka fara ƙirga guraben tun ba a cusa musu sifili ba. In cinikin kwana shidan yana B2 zuwa B7:

```
=COUNTBLANK(B2:B7)
```

Sai ka tambayi dalilin kowane. In shago a rufe yake, kamar ran Sallah, sifilin gaskiya ne, bar shi. In mantuwa ce, bi alat ɗin banki da rasit da littafin bashi, sau da yawa kuɗin na nan a warwatse. Sai duk sun ƙi sannan za ka cike da ƙiyasi, kuma nan ma mutane na kwafsawa, su ɗauki matsakaicin sati gaba ɗaya bayan cinikin Asabar ya ja shi sama. Ɗauko Larabobi uku ko huɗu da suka wuce ka yi da su. Ka buɗe layi a gefe ka rubuta "ƙiyasi", a ƙasan rahoton kuma ka ce kwana 1 cikin 6 ƙiyasi ne, don kada wata uku nan gaba kai kanka ka ɗauka lambar gaske ce.

Gogewa kuma ni ban cika son ta ba. Layin da aka shigar sau biyu, ko wanda ba kaya ba kuɗi ba kwanan wata, goge abinka. Amma a ce ka yi wa 'yan kasuwa 100 tambayoyi, 30 suka ƙi faɗin ribarsu, kada ka goge su, don galibi ba haka kawai suka yi shiru ba, wani tsoron haraji yake, kuma mai yiwuwa manyan ne a ciki. Sauran amsoshinsu na da amfani. Ka rubuta cewa mutum 70 ne suka amsa tambayar riba, 30 ba su amsa ba. In kuma fom ɗin yana sa 999 a madadin "bai amsa ba", maida shi gurbi kafin ka yi lissafi, in ba haka ba Excel kuɗi za ta ɗauke shi.