Yadda Ake Hana Baƙuwar Lamba Damunka da Kira da Saƙo

Kafin ka taɓa komai, fara adana lambobin mutanen da ba ka son kiransu ya wuce ka. Waya ba ta san fuska ba, abin da ke cikin jerin sunayenka ta fi sani. Idan iPhone ce kuma lambobinka na kan sim, sai ka kwaso su ta Import SIM Contacts, in ba haka ba har mahaifiyarka baƙuwa ce a wurinta.

A iPhone, shiga Settings, sai Phone, ka kunna Silence Unknown Callers. Tun 2019 aka kawo shi, tare da iOS 13. Daga iOS 18 kuwa sai ka bi ta Apps kafin ka ga Phone, daga iOS 26 na 2025 kuma sunan ya koma Screen Unknown Callers, inda za ka zaɓi Silence. Ba toshe kiran yake yi ba. Wayar ce ba za ta yi ƙara ba, kiran ya wuce akwatin saƙon murya idan layinka na da shi, lambar kuma ta bayyana a Recents, wato jerin kiran da aka yi kwanan nan. Wanda kai ka kira kwanan nan zai same ka ko ba ka adana shi ba.

A nan dabarar take. A ce kana jiran ɗan aike da zai kawo maka kaya, an kuma turo maka lambarsa. Kira shi tukuna, ko da bai ɗauka ba, kiransa zai shigo da ƙara. Idan ba ka da lambar, kamar ranar da kake sauraron kira daga asibiti ko wurin neman aiki, kashe tsarin gaba ɗaya har kiran ya zo. Ni a ganina wannan ya fi a dogara da leƙa Recents, domin mutum yakan manta.

Na saƙo kuma yana cikin Settings ƙarƙashin Messages, sunansa Filter Unknown Senders, daga iOS 26 kuma Screen Unknown Senders. Saƙon baƙo zai koma wani jeri na daban, kuma mahaɗin da ke cikinsa ba zai buɗu ba sai ka adana lambar ko ka mayar da amsa. Don haka kada ka amsa wa wanda kake zargi, ko da "waye?" ne. Idan lambar tabbatarwa ta banki ta ƙi zuwa, leƙa can.

Masu Android, a kula. Maɓallin Unknown da ke ƙarƙashin Blocked numbers a manhajar kira ta Google masu ɓoye lamba kawai yake tarewa. Baƙon da lambarsa ke fitowa zai ci gaba da shigowa. Abin da ke yin aikin shi ne Do Not Disturb: kunna shi, a saitinsa ka shiga People, sai Calls, ka zaɓi Contacts, sannan ka bar Repeat callers a kunne. Da haka duk wanda ya sake kira cikin minti 15 zai same ka, mai larurar gaggawa kuwa ba ya kira sau ɗaya ya haƙura.