Wace allura zan sa a keke? Tambayoyi da amsa

Tambaya: Ina dinka yadi mara nauyi, voile da shifon, sai ya rika tattarewa. Mene ne matsalar?
Amsa: Allurar ta yi kauri. Fara da duba lambar jikin fakiti, za ki ga 70/10 ko 90/14, lamba na hawa allura na kara kauri. Yadi mara nauyi ki sa 70/10, atamfa da shadda 90/14 ta isa, jins kuwa sai 100/16 ko 110/18.

Tambaya: To yadi mai roba fa, keke na tsallake dinki?
Amsa: Nan irin allurar ce matsala. Ki nemi wadda aka rubuta Ballpoint ko Stretch, bakinta a dakushe yake, tana ratsa tsakanin sakar ba ta yanke ta.

Tambaya: Ta yaya zan san zare ya dace?
Amsa: Kafin ki daura, zura zaren a kafar allurar ki rike bakinsa biyu ki karkata, in allurar ta sulale da kanta to sun dace, in ta makale zaren ya yi mata kauri kuma zai rika tsinkewa. Ni da kaina na taba bata rabin yini ina murza tenshan, wato abin da ke daidaita jan zare, ashe wannan ce matsalar.

Tambaya: Daurawa fa?
Amsa: A yawancin keken gida bangaren saman allurar da yake shafaffe baya yake kallo, tsohon bakin keke kuma sau da yawa gefe, ki duba naki. Tura ta sama har ta tsaya, daure kusar, sannan ki gwada a kyalle.